Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Hoto Da Gyaran Wutar Gida A Bagudo

Wata al'ada ta shigo tare da wayar hannu, kuma ta samu gindin zama a gidajen ma'aikata da na ɗalibai. Da zarar soket ya yi baƙi, ko wuta ta ɗauke a ɗaki ɗaya, sai a ɗauki hoton wurin a aika wa wani ɗan'uwa da ake ganin ya yi boko, ko yana Birnin Kebbi ko yana Sakkwato, tare da tambaya guda: wace waya za a haɗa da wace? Shi kuwa wanda aka tambaya, don kada a ce ya gaza, sai ya dubi hoton ya yanke hukunci daga inda yake zaune.

Ra'ayin da ke cikin wannan shafi shi ne cewa hoto ya isa hujjar da za a ce wa mutum ya dakata, amma bai isa hujjar da za a ce masa ya sa hannu ba. Wannan magana ta shafi ko'ina, sai dai ta fi ƙarfi a Ƙaramar Hukumar Bagudo, saboda wani dalili da ba kowa ya lura da shi ba, watau zamanta a bakin iyakar Jamhuriyar Benin.

Launin waya ba shaida ba ne

Wutar da ke shiga gidajen Nijeriya da ta gidajen Benin kusan ƙarfinsu ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, saboda haka firiza ko fankar da aka saya a can tana aiki a nan. Amma tsarin jan waya ya bambanta. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, Benin kuwa ta gaji na Faransa. Ga shi kuma daga Tsamiya zuwa Segbana tafiya ce ta kusa, mutanen Lolo da Illo da Ka'oje kuwa sun daɗe suna cuɗanya da na ƙetare ta fuskar ciniki da aure da sana'a. Inda mutane ke kai da kawowa, kayan wuta da masu gyaransu ma suna bi.

A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu shi ne a bangon gidaje da yawa a ƙasar nan, jar waya ita ce mai wuta, baƙa ita ce wadda wutar ke komawa ta cikinta, wadda masu gyara ke kira nutural, koriya kuma ita ce wayar ƙasa. Ingila kanta ta sauya launukan tsakanin 2004 da 2006, ta mai da ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya ta zama nutural. A tsarin Faransa kuwa, shuɗiya ce nutural, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, sa'an nan mai wuta tana iya zama ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙa.

Mai karatu ya lura da abin da ya faru da baƙar waya. A hannun wanda ya koyi aiki a Birnin Kebbi ita ce nutural, a hannun wanda ya koya a Kandi ko Malanbil kuwa tana iya zama mai kisa. Haka kuma shuɗiya: nutural ce a tsarin Faransa, alhali a tsohon tsarin Ingila tana ɗaya daga cikin wayoyi uku masu wuta, ja da rawaya da shuɗi, a gidan da aka ja wa layi uku. Daɗin daɗawa, akwai mai gyaran da idan jar waya ta ƙare masa sai ya ƙarasa aikin da duk wadda ta rage a jaka. To, wanda ke duban hoto daga nesa, ta yaya zai san hannun wa ya ja wayar, kuma a wace shekara? Launi alkawari ne da mai aikin farko ya ɗauka, hoto kuwa ba ya nuna ko ya cika shi. Na'urar awo kaɗai ke faɗin gaskiya.

Misalin soket da ya yi baƙi

A ɗauka wani ma'aikaci a Birnin Kebbi ya samu hoto daga gidansu a Bagudo. A hoton ga soket na bango mai ramuka uku, gefen rami ɗaya ya yi baƙi, robar wurin ta ɗan narke. An cusa masa fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na ƙetare, wanda igiyarsa ta tafi zuwa wani soket na ƙasa mai baki huɗu. A jikin wannan kuwa an jona firiza da butar lantarki da dutsen guga. Tambayar da ta biyo hoton ita ce ko a sayo sabon soket yaro ya ɗaura.

Akwai lissafin da ma'aikacin zai iya yi daga inda yake, kuma ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya iya shi. Kowane kayan wuta yana da lambar wat a rubuce a jikinsa. Idan aka raba wat da bolt sai a samu amfiya, watau yawan wutar da ke gudu a cikin waya. Buta mai wat 2,000, a raba da 230, tana jan amfiya 9 ba kaɗan. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan 5 da 'yan kai. Firiza tana jan wajen amfiya 1 idan tana tafiya, amma tana ninka haka sau da yawa a daidai lokacin da injinta ke tashi. Jimla dai wajen amfiya 15 ke nan. Soket irin na Ingila kuwa amfiya 13 ce iyakarsa, siririyar igiyar da ake yi wa irin wannan soket na ƙasa kuma sau da yawa ba ta wuce ɗaukar amfiya 6 zuwa 10 ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ba nan matsalar ta tsaya ba. Fulogin Ingila mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma don haka ne ake iya sa bireka mai amfiya 30 ko 32 a kan layin soket: birekar tana tsaron wayar bango, fis ɗin yana tsaron igiyar kaya. Fulogin Faransa ba shi da fis, domin a can birekar layin soket ƙarama ce, amfiya 16 ko 20. Ashe ke nan wanda ya sa tsinke ya danne murfin ramin sama, ya cusa fulogin ƙetare a soket ɗin Nijeriya, ya bar siririyar igiya ba mai tsaronta sai birekar da ba za ta motsa ba har igiyar ta narke. Ban da haka ya rasa wayar ƙasa, domin a tsarin Faransa ƙafar ƙasa a jikin soket take, ba a jikin fulogi ba. Ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen firizar nan ba ta da hanyar gudu sai ta jikin wanda ya taɓa ta.

Sa'an nan ga dalilin baƙin da aka gani. Zagayayyar ƙafa ba ta zama daidai a ramin da aka yi don mai kusurwa huɗu. Tana buɗa ƙarfen ciki, haɗuwar ta yi sako-sako, kuma duk inda haɗuwa ta yi sako-sako zafi yake taruwa. Idan amfiya 15 ta bi ta wurin da turjiyarsa ta kai kashi 2 cikin 10 na om ɗaya kacal, zafin da zai fito ya kai wat 45, duk a wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Wannan ya isa ya narka roba, ya kama labule ko katifar da ke jingine. Bireka kuwa ba ruwanta, domin a wurinta amfiya 15 ba laifi ba ce.

Duk wannan ana iya fahimtarsa daga hoto da 'yar tambaya, kuma ya isa ma'aikacin ya ba da amsa mai amfani: a kashe birekar layin, sa'an nan a zare fulogin da busasshen hannu, a daina amfani da soket ɗin, a raba buta da dutsen guga kowanne da nasa soket na bango, kada a kunna su tare a baki ɗaya. Nan iyakarsa take. Abin da hoton bai nuna ba ya fi abin da ya nuna yawa. Bai nuna ko zafin ya bi waya ya shiga bango ya ƙona rigarta ba. Bai nuna ko wayar da aka binne mai lamba 2.5 ce kamar yadda ya dace da soket, ko kuwa 1.5 ce ta ƙwan fitila aka sa don araha. Bai nuna ko jan ƙarfe ne na gaske, ko alminiyon ne da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ya fi saurin zafi kuma yake saki a ƙarƙashin noti. Bai nuna ko wayar ƙasa ta isa ƙasa, ko a bayan soket ta ƙare. Idan yaro ya ɗaura sabon soket a kan ƙonanniyar waya, an shafe alamar ciwo ne kawai, ciwon yana nan.

Kashe mita ba kashe wuta ba ne

Da yawa daga masu ba da shawara ta hoto suna fakewa da cewa ai sun ce a kashe wuta tukuna. A zamanin NEPA, lokacin da gida ke da hanyar wuta guda, wannan magana tana da ɗan ƙarfi. Yau kuwa gida ɗaya yana iya samun wuta ta hanya uku: layin kamfani, da janareta, da sola mai batir da inbata. Aikin inbata shi ne ta ba da wuta a daidai lokacin da layin kamfani ya ɗauke. Saboda haka wanda ya kashe babban makunni ya ɗauka ya tsira, mai yiwuwa ne a lokacin nan ne inbatar ta karɓi layin da yake shirin taɓawa. Faifan sola ma, muddin rana na dukansa, wayarsa tana ɗauke da wuta. Akwai kuma gidajen da aka ja wa ɗaki ɗaya wuta daga maƙwabta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoton soket.

Haka nan ɗan sukudireban gwaji mai ƙyalli, wanda kowa ke kira testa, ba abin jingina rai ba ne. Yana iya ƙin haske a waya mai wuta idan mai riƙe da shi yana tsaye a kan busasshen abu, ko hasken rana ya rinjayi ƙyallinsa, ko ya lalace ba a sani ba.

Ya kamata a san ƙanƙantar wutar da ke kisa. Kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, idan ya ratsa ƙirji ya ɗan jima, yana iya rikita bugun zuciya. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, idan ya taɓa bolt 230, abin da zai ratsa shi yana iya ninka wannan sau huɗu ko fiye. Bireka mai amfiya 32 ba za ta ko ji ba, domin an yi ta ne don tsaron waya, ba don tsaron mutum ba. Mai tsaron mutum wata na'ura ce daban da ake sawa a akwatin bireka, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta yanke nan take idan wata ta zurare. Ana gane ta da rubutun 30mA da wani ɗan maɓalli mai harafin T a fuskarta. Ga tambayar da hoto ke iya amsawa sarai: a ɗauki hoton akwatin ba tare da kwance murfinsa ba, a duba ko tana nan. Idan babu, sa ta shi ne aikin farko da ya kamata a kira mai gyara dominsa.

Abin da mai gida zai yi, da inda zai tsaya

Ba ana cewa mai gida ya naɗe hannu ba ne. Yana iya canza ƙwan fitila bayan ya kashe makunni. Yana iya canza fis na fulogi da wani mai lamba ɗaya da shi, ba da guntun waya ko takardar sigari ba. Yana iya danna maɓallin T bayan 'yan watanni don ya tabbata na'urar tana yankewa. Idan bireka ta faɗi, ya zare duk kayan da ke kan layin, ya ɗaga ta sau ɗaya. In ta zauna, ya riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ya gano mai laifin, ya ajiye shi. In kuwa ta sake faɗuwa alhali ba a jona kome ba, to laifin yana cikin bango, sai a bar ta a kashe a nemo gwani. Babban kuskure shi ne a cire birekar da ke yawan faɗuwa a sa wadda ta fi ta girma, domin wannan daidai yake da korar maigadi saboda ya cika ihun ɓarawo.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk aikin da sai an kwance noti an ga tsirarar waya, ba na mai gida ba ne. Alamomin da ba a jira da su kuwa su ne warin ƙonanniyar roba, da soket ko makunni mai zafi, da ƙarar tartsatsi a bango, da firiza ko famfo ko ƙofar ƙarfe mai ɗan fizgar hannu, da ruwa da ya shiga akwatin wuta, abin da mazauna bakin Kwara suka sani da damina. Haɗa janareta da wayar gida ma aikin gwani ne, kuma tilas a sa makunnin sauya layi. Wanda ya cusa wutar janareta ta soket yana mayar da ita kan layin kamfani, taransifoma kuma tana iya ɗaga ta zuwa dubban bolt ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layin a mace yake.

Akwai kuma abin da ko mai gyara na unguwa ba huruminsa ba ne. Turke da wayar da ta sauko daga gare shi da mita suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Idan aka ga wasu ƙwayaye sun yi haske fiye da kima wasu kuma sun dushe a lokaci guda, sau da yawa nutural ce ta saki. Sai a kashe babban makunni nan da nan kafin kaya su ƙone, a kai rahoto. Idan kuwa wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshen itace, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Wayar da ke ci da wuta ba a zuba mata ruwa.

Uzurin da ake kawowa

Za a ce wannan duk maganar birni ce, mutumin ƙauye a Bagudo ina zai samu ƙwararre, kuma da wane kuɗi? Uzurin yana da nauyi, kuma shi ne ainihin abin da ya haifi al'adar hoton. Amma amsarsa ba ita ce a mai da yaron gida mai gyara ta wayar hannu ba. Amsar ita ce a yi amfani da hoton ta inda yake da amfani. A aika wa mai gyaran kansa, ba don ya koyar da aikin ba, sai don ya san abin da zai tarar, ya taho da soket da waya da birekar da suka dace, tafiya ɗaya ta wadatar. Kuɗin mota da ladan aiki ba su kai kuɗin firiza ba, balle rufin ɗaki, balle rai.

Kuma ba duk mai riƙe da filaya ne gwani ba. Ana gane na kirki da aikinsa. Yana tambayar hanyoyin da wuta ke shigowa gidan kafin ya taɓa kome. Yana gwada na'urarsa ta awo a wurin da ya san akwai wuta, sa'an nan ya auna wayar da zai yi aiki a kanta. Yana yanke ƙonannen wuri har ya kai ga lafiyayyar waya, yana auna ko wayar ƙasa ta isa sandar da aka kafa, kuma ba ya yarda da launi sai ya gwada. Wanda ya ce wayar ƙasa ɓarnar kuɗi ce, a sallame shi da girma da arziki.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA, ta ɗora mata duba aikin wuta da ba masu jan waya takardar shaidar ƙwarewa, amma mutumin karkara bai san da wannan takarda ba balle ya tambaye ta. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Bagudo ta haɗa kai da hukumar, a tattara sunayen masu gyaran da aka gwada a kowace gunduma, a manna a sakatariya da fadar hakimai. Ya kamata kuma makarantun fasaha na jihar, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, su shirya gajeren kwas ga masu gyaran garuruwan iyaka, a koya musu tsarin Ingila da na Faransa gaba ɗaya, tun da yake da su biyun suke cin karo a bango ɗaya.

Ga ma'aikaci ko ɗalibin da hoto ya iso wa kuwa, ilminsa ba zai ragu ba don ya ce bai ga cikin bango ba. Ya yi lissafin wat da amfiya, ya faɗi abin da za a kashe da abin da za a zare, ya hana a kwance noti, sa'an nan in da hali ya aika da kuɗin mai gyara. Wannan ita ce cikakkiyar amsa, kuma ita ce za ta bar mutanen gida lafiya. Allah ya kiyaye.